Keken ɗinkin da bai iso ba: yadda cajbak ke dawo da kuɗi idan mai kaya ya yi gum

Mu ɗauki lamarin wata tela a Kano, irin wanda ake yawan gani, mu bi shi da kwanakinsa. Tana son keken ɗinki na lantarki, irin manyan nan na masu shago, sai ta ci karo da shi a shafin wani kanti da ke Legas a kan naira 380,000 haɗe da kuɗin kawowa. Ranar 3 ga Maris ta biya da katinta na Visa. Ta shigar da lambobin katin, banki ya turo mata OTP a waya, ta sa, alat ya shigo cewa kuɗi sun fita. Rasit ɗin da kantin ya aiko mata ta imel ya ce za a kawo keken har ƙofar shagonta kafin 24 ga Maris.

Makon farko ana amsa mata a WhatsApp da fara'a. Mako na biyu aka ce kaya na hanya. Da 24 ga wata ta wuce aka ce motar ce ta lalace a Lokoja. Daga farkon Afrilu kuma sai gum. Saƙonta na shiga, alamar an karanta na fitowa, amma ba amsa, in ta kira kuma ba a ɗauka.

Tambayar da ke gabanta ita ce ko akwai hanyar da za ta karɓo kuɗinta ba tare da yardar mai kantin ba. Akwai, kuma dalili guda ne: da kati ta biya. Sunan hanyar cajbak, a fom ɗin banki ko manhajarsa za ka ga an rubuta chargeback ko dispute.

Kafin a fahimci yadda kuɗin ke dawowa sai an san yadda suka tafi. Duk cinikin kati yana da ɓangarori huɗu da mai tsaron tsakani. Akwai mai kati, akwai bankin da ya ba shi katin, akwai mai kanti, akwai kuma bankin mai kanti, wanda shi ne ya ɗaure masa gindi ya shiga harkar karɓar kati, sau da yawa ta hannun kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave. A tsakiya kamfanin katin yake, Visa ko Mastercard ko Verve, kuma dokokinsa ne bankunan biyu suka sa hannu za su bi. Idan tela ta kai ƙara, bankinta ba ya zuwa neman mai kanti. Bankin mai kanti yake cirar wa kuɗin ta cikin tsarin kamfanin kati, shi kuma bankin ya juya ya cira daga kuɗin mai kanti. In mai kanti ya tsere ya bar asusu wayam, asarar a wuyan bankinsa take, shi ya sa ma suke riƙe wani kaso na cinikin wasu 'yan kasuwa a matsayin ajiya.

Wannan shi ne abin da masu saye da yawa ba su sani ba. Shirun da ke tayar maka da hankali a WhatsApp, a cikin tsarin cajbak riba ce gare ka. Ana ba mai kanti wa'adi ya kare kansa, idan bai ce uffan ba har wa'adin ya cika, ana ɗauka ya amince da ƙarar.

Sai dai cajbak ba doka ba ce ta ƙasa, ƙa'ida ce ta kamfanonin kati. A Amurka akwai dokar 1974 da ta ba mai katin bashi haƙƙin ƙalubalantar cajin da ba daidai ba, a Birtaniya kuma akwai sashe na 75 na wata dokar ta 1974 da ke ɗora wa kamfanin katin bashi alhaki a kan kayan da farashinsu ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000. Mai katin cire kuɗi na banki a Najeriya ba ya cikin waɗannan. Ƙa'idar kamfanin katinsa ce makaminsa, kuma ƙa'ida ce mai tsauri a kan lokaci da hujja.

Abu na farko da ya kamata a duba a lamarin telar shi ne yadda kuɗin suka fita. A shafin biyan kuɗi guda ɗaya za ka ga zaɓi biyu ko uku jere da juna: kati, taransfa, ko lambar USSD. Da ta danna taransfa, ta tura kuɗin zuwa lambar asusun da shafin ya nuna mata, da maganar cajbak ba ta taso ba, domin kuɗin ba su bi ta layin Visa ba. Haka nan da ta je wurin mai POS na bakin titi, ya zura katinta ya ciri 380,000, sannan ya tura wa kantin daga asusunsa. A idon tsarin, cinikinta da mai POS ne, kuma mai POS ya yi aikin da ta sa shi. Mutane da yawa kan ce ai da kati na biya, alhali wannan suka yi. Wanda ya loda kuɗi daga kati zuwa wani walat sannan ya biya daga walat ɗin shi ma ƙafarsa ɗaya na waje, saboda abin da katin ya saya shi ne lodin, kuma an loda. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka buɗe bayanan asusunka ka duba layin cinikin. In sunan kantin ko na kamfanin da ya karɓar masa kuɗi ne ya fito a matsayin sayayya da kati, kana kan hanya.

Na biyu shi ne lokaci, kuma nan ne aka fi yin asara. A ƙa'idar Visa, ƙarar kayan da ba su iso ba tana da lamba 13.1, kuma bankin mai kati yana da kwana 120 ya shigar da ita. Ana iya ƙirga kwanakin daga ranar da aka yi cinikin, ko daga ranar ƙarshe da mai saye ke sa ran kayan za su iso, matuƙar dai ba a wuce kwana 540 daga ranar ciniki ba. A lamarin telar, kwana 120 daga 3 ga Maris na cika ranar 1 ga Yuli. Daga 24 ga Maris kuma na cika ranar 22 ga Yuli. Tunda tana da rasit mai ɗauke da ranar alkawari, ta biyun halas ce gare ta. Amma ni a ganina mai hankali ya ƙirga da ta farkon, sannan ya rage makonni, domin kwana 120 ɗin na banki ne ba na mai kati ba. Banki na buƙatar lokacin duba takardu kafin ya shigar, wasu bankunan ma suna da nasu wa'adin da ya fi wannan gajarta. Ya dace ka tambayi bankinka nasa tun ranar farko, musamman in katin Verve ne, wanda jadawalinsa daban yake da na Visa.

Akwai kuma gaggawar da ba ta da amfani. Da telar ta ruga banki ranar 15 ga Maris don an daina ɗaukar wayarta, da an mayar da ita, domin ranar alkawari ba ta yi ba. Shirun mai kaya shi kaɗai ba dalilin ƙara ba ne. Dalilin shi ne ranar kawowa ta wuce kaya ba su zo ba, shirun kuma hujja ce da ke nuna ka nemi sulhu ba ka samu ba. Inda ba a faɗi ranar kawowa ba kwata-kwata, Visa na so a jira kwana 15 daga ranar ciniki, Mastercard kuma kwana 30 a ƙarƙashin lambarsu ta 4853.

Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne masu kaya marasa gaskiya suka ƙware wajen cinye wa mutum lokaci. Ba duka ke yin gum gaba ɗaya ba. Wani zai yi shiru mako uku, sai ya ɓullo da "Hajiya a yi haƙuri, kwantena ce ta maƙale a tashar ruwa, ƙarshen wata insha Allah." Ƙarshen wata ya zo, a ce bayan Sallah. Mu kuma da kunya da kara, ba ma son a ce mun kai mutum ƙara bayan ya ba da haƙuri. Haka za a yi ta jiran gawon shanu har wata huɗu su shige. Alkawarin baki a waya ba ya tsayar da agogon. In za ka yarda da ƙarin lokaci, a rubuta maka sabuwar ranar, kuma ka tabbata ba ta kai ka bakin wa'adi ba.

Telar ba ta jira haka ba. Ranar 5 ga Afrilu ta aika saƙo na ƙarshe ta WhatsApp da kuma imel ɗin da rasit ya fito, gajere, ba zagi ba barazana. Ta ambaci lambar oda, adadin kuɗin, ranar da aka yi alkawari, ta ce kaya ba su iso ba, tana neman a kawo ko a mayar mata da kuɗinta cikin kwana bakwai, in ba haka ba za ta kai wa bankinta. Wannan saƙo ba don ta tsorata su ba ne. Ƙa'idar kanta ce ke so mai kati ya fara gwada warwarewa da mai kanti, kuma banki zai tambaya yaushe da ta yaya. A daren ta ɗauki hoton hirar tun daga farko, da ranaku da lambar wayar suna fitowa, ta ɗauki hoton shafin keken da farashinsa da inda aka rubuta sharuɗɗan kawowa. Ta yi dabara da ta yi hakan da wuri, domin shafukan irin waɗannan kantuna kan ɓace dare ɗaya.

Ranar 14 ga Afrilu ta shiga banki. A nan ne aka kusa yin kuskuren da ke kashe ƙara mai kyau.

"Malam, damfara ta aka yi, dubu ɗari uku da tamanin," ta ce wa jami'in da ke teburin ƙorafi.

Ya jawo fom ya kai biro kan layin cinikin da mai kati bai ba da izini ba, sannan ya ɗago. "Hajiya, ke kika sa lambobin katin da hannunki? OTP ya zo miki kin shigar?"

"Ni na sa mana. Kayan ne ba su kawo ba."

"To ba wannan layin ba ne. Naki na kayan da ba a karɓa ba ne."

A bakinmu duka damfara ce, amma a tsarin kati gida biyu ne daban. Ƙarar zamba, wadda Visa ke ba lamba 10.4 idan a intanet aka yi cinikin, ma'anarta wani ne ya yi amfani da katinka ba da saninka ba. In telar ta bi nan, banki zai toshe katinta, sannan mai kanti ya nuna cewa an tabbatar da cinikin da OTP da aka tura wayarta. Shi ke nan ƙara ta faɗi, kuma yawanci dama ɗaya ake ba ciniki ɗaya. OTP yana kare mai kanti daga ƙarar zamba, amma ba ya kare shi ko kaɗan daga ƙarar rashin kawo kaya. Akwai wani ruɗanin na daban da ake yi a teburin banki. Cirewar da na'ura ta yi alhali ciniki bai shiga ba, irin na ATM da ya ƙirga bai ba da kuɗi ba ko POS da ya ce an ƙi amma alat ya shigo, wannan ita ce Babban Bankin Najeriya ya sa wa wa'adin awanni a 2020, awa 72 ga POS da intanet. Cinikin telar ya shiga lafiya, don haka duk wanda ya ce mata ta koma gida kuɗin za su dawo da kansu cikin kwana uku bai fahimci ƙorafinta ba.

Ta cika fom, ta haɗa rasit, layin cinikin daga bayanan asusu, hotunan hira, da saƙon 5 ga Afrilu. Ta rubuta bayani na layi biyar: me ta saya, yaushe aka ce zai zo, ina aka ce za a kai, bai zo ba, ta nemi mai kanti ranar kaza bai amsa ba. Kafin ta tashi ta karɓi lambar ƙorafi. Wanda ya fita banki ba shi da wannan lambar, tamkar bai je ba.

Daga nan aikin ya koma tsakanin bankuna. Bankinta ya shigar da ƙarar a ƙarƙashin 13.1, ɓangaren mai kanti na da wa'adin amsawa, wanda a ƙa'idar gama-gari ta Visa kwana 30 ne, a ta Mastercard kwana 45, ko da yake na cinikin cikin gida na iya bambanta. Shi mai kantin kansa wa'adin da kamfanin karɓar kuɗinsa ke ba shi ya fi haka gajarta sosai. Wasu bankunan, musamman a ƙasashen waje, kan saka wa mai ƙara kuɗin a asusu tun kafin a gama. In ka ga haka kada ka ɗauka an gama, kuɗin wucin gadi ne, ana iya kwashe su in ƙarar ta juya.

Mai kantin da ya yi wata guda bai amsa wa telar ba, da aka taɓa kuɗinsa sai ga shi ya farka. Ya turo hoton webil na wata tashar mota a Legas, mai ɗauke da sunanta da lambar wayarta, an rubuta kwali ɗaya zuwa Kano, da kwanan watan 20 ga Maris. Banki ya kira ta ya ce mai kanti ya ce ya aiko.

A nan ne mutane da yawa ke karaya, su ce tunda ya kawo takarda ai shi ke nan. Amma a duba me takardar ta tabbatar. Webil na nuna an ba direba kwali a Legas. Bai nuna kwalin ya iso Kano ba, bai nuna wa ya karɓa ba, bai ma nuna me ke ciki ba. Abin da ƙa'idar ke nema daga mai kanti shi ne hujjar cewa mai kati, ko wanda ya wakilta, ya karɓi kayan a wurin da aka yi yarjejeniya. Rasit ɗin telar ya ce ƙofar shagonta. Babu sa hannunta, babu sa hannun yaron shagonta, babu saƙon da aka ce mata ta zo ta ɗauka. Ta rubuta wannan a taƙaice, ta sake haɗa rasit ɗin da layin adireshin a zagaye, ta ƙara da hoton hirar ƙarshen Maris inda su da bakinsu suka ce mota ta lalace a Lokoja, kwanaki bayan ranar da ya kamata a ce kaya sun iso. Ta nemi banki ya ci gaba zuwa mataki na gaba, wanda ake yi kafin a kai wa kamfanin kati ya yanke hukunci.

Da lamarin ya ɗan bambanta, da sakamakon ya bambanta. A ce a cikin hira ta taɓa rubuta "ba komai, a aiko tasha zan tura a ɗauko," kuma mai kanti ya nuna kwalin ya iso tashar an kira ta, to wurin yarjejeniya ya koma tasha, ƙararta ta yi rauni ƙwarai. A ce kuma keken ya iso amma tsoho ne ko ba irin wanda aka nuna ba, wannan ƙara ce ta daban, lamba 13.3, kuma a nan sai ta mayar da kayan ko ta nuna ta yi ƙoƙarin mayarwa. In rabin oda ya zo rabi bai zo ba, kuɗin rabin da bai zo ba kawai za ta nema. Wanda kuwa kaya suka iso masa lafiya daga baya ya ga ya yi tsada, ko ya fasa so, cajbak ba wurinsa ba ne, kuma ƙaryar cewa ba a kawo ba na iya jawo masa rufe asusu ko abin da ya fi haka.

A wannan matakin ɓangaren mai kanti na da zaɓi biyu, ya karɓi asarar ko a tafi gaban Visa. Hukuncin kamfanin kati na zuwa da cajin ɗaruruwan daloli a kan wanda ya faɗi, don haka ba kasafai ake kai ƙananan kuɗi can ba, kuma banki ba ya zuwa sai ya ga hujjarsa da ƙarfi. Mai webil ba shi da abin ƙarawa. A cikin Yuni, wata biyu da ɗoriya bayan ta shiga banki, 380,000 suka zauna a asusun telar. Wannan tsawon lokaci ba baƙon abu ba ne idan mai kanti ya yi jayayya. Da a dala aka yi cinikin da katin naira, abin da zai dawo ba lallai ya yi daidai da abin da ya fita ba, saboda canjin ranar sayayya da na ranar mayarwa ba ɗaya ba ne.

Akwai wata dabara da masu kaya kan yi da zarar sun ji an kai ƙara, ita ce su kira da murya mai taushi su ce a janye, za su turo kuɗin gobe. Kada a janye sai kuɗi sun shigo an gan su a asusu, domin ƙarar da aka rufe da wuya a sake buɗe ta. In suka ce ai sun riga sun mayar ta kan kati, a nemi lambar shaidar mayarwar da ake kira ARN, mai lambobi 23, a kai wa banki ya bi sawunta. In kuma da gaske suka biya alhali ƙara na tafiya, a sanar da banki nan take, don kada kuɗin su shigo sau biyu a zo ana neman ka da su.

Wani lokacin matsalar ba mai kanti ba ne, bankinka ne ya ajiye fom ɗin a aljihun tebur kwanaki na tafiya. Lambar ƙorafin nan ita ce abin riƙewa. Tsarin Babban Bankin Najeriya shi ne ka fara kai wa bankinka, ka ba shi mako biyu, in bai yi komai ba ka rubuta wa sashen Babban Bankin na kare haƙƙin abokan hulɗa da lambar ƙorafin da kwafin takardunka. A wasiƙar ka faɗi ranar da kwana 120 ke cika, don mai karantawa ya san abin ba na jira ba ne. Wanda wa'adi ya riga ya wuce masa, ko wanda taransfa ya yi, hanyoyin da suka rage masa su ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ko kotun ƙananan basussuka irin wadda ke Kano da Legas, ko 'yan sanda da EFCC in ta tabbata kantin bogi ne tun asali. A duk waɗannan kuwa sai an san wanene mai kantin da inda za a same shi.